A daina cusa lissafin shago cikin SharedPreferences

Wata magana ta ishe ni a bakin masu rubuta manhajar Android: wai SQLite nauyi gare shi, gara a dunƙule komai a JSON a jefa cikin SharedPreferences. Wannan ba gaskiya ba ne. SQLite yana cikin kowace wayar Android tun daga masana'anta, kuma don ƙananan na'urori ya fi dacewa.

Ɗauki manhajar rubuta bashin masu shago. A ce akwai bashi 5,000, kowanne bayit 200, wato kusan megabayit 1. SharedPreferences fayil ɗaya ne na XML. Yana ɗora shi gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar waya, kuma duk sauyi sai ya sake rubuta fayil ɗin daga farko har ƙarshe. Mutum ya biya naira 500, an sake rubuta megabayit guda. In mai shago ya nemi waɗanda bashinsu ya wuce wata uku, dole ka warware JSON ɗin duka ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Alamar ciwon ita ce manhaja tana gudu a makon farko, bayan watanni ta fara maƙalewa. Kada ka fake da `apply()`, domin Android na iya tsayawa jiran rubutun ya ƙare yayin da mai amfani ke barin shafi, har a ga ANR.

To daga ina zargin nauyin ya fito? Daga masu zuba layi dubu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa jiran ma'ajiyar waya. Haɗa su a ƙulli ɗaya, jiran ya zama sau ɗaya:

```sql
BEGIN;
INSERT INTO bashi VALUES (1, 7, 500);
INSERT INTO bashi VALUES (2, 9, 1200);
COMMIT;
```

Ƙullin nan yana da wani amfani kuma: in batir ya mutu a tsakiya, ko dai duka sun shiga, ko babu wanda ya shiga.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da ba ya ƙaruwa, kamar zaɓin harshe ko launin fuska, ajiye shi a DataStore, wanda Google ya fitar a 2020 don ya gaji SharedPreferences. Abin da ke ƙaruwa, ko ake nema, ko ake jerawa, na SQLite ne. A Android bi ta Room, wanda ke duba SQL ɗinka tun lokacin haɗa manhaja. A Flutter akwai drift.

Amma ga gargaɗina, kuma ina so a ji shi da kyau. Ranar da ka ƙara shafi a tebur ka ɗaga lambar `version`, Room zai nemi `Migration`, in babu manhaja ta faɗi. Nan ne masu gaggawa ke manna `fallbackToDestructiveMigration()`, kuskure ya ɓace, su saki manhaja. Layin nan share teburan yake yi ya gina sababbi. A wayar gwaji ba ka rasa komai ba, amma a wayar mai shago bashin shekara ne ya tafi, ba tare da ko sanarwa ba. Rubuta `Migration` da `ALTER TABLE`, ka gwada shi da `MigrationTestHelper` a kan tsohon tsarin, sannan ka saki.