Inshorar biza: ka karanta shafin baya kafin ka biya

Aikina haɗa wa matafiya takardun neman biza a Kano, kuma kusan duk wanda ya zauna gabana, da mun zo kan inshorar lafiya sai ya ce: "A yi mini mafi arha, ai don ofishin jakadanci ne kawai." Wannan maganar tana tayar mini da hankali, domin na ga inda take kai mutum.

Dokar bizar Schengen ta 2009 ta ce inshorar kada ta gaza Yuro 30,000, ta yi aiki a duk ƙasashen yankin, ta kuma ɗauki dukkan kwanakin zamanka. Dole ta ƙunshi jinyar gaggawa, kwanciya a asibiti, da dawo da marar lafiya ko gawa gida. Jami'in biza waɗannan yake dubawa. In sun cika, takardar ta wuce, ko da sauran sharuɗɗanta ba su dace da lafiyarka ba.

Wani Alhaji da na yi wa takardu ya tafi Jamus sayen motoci na kwana 14. Ya daɗe yana shan maganin hawan jini. A kwana na biyar ya yanke jiki ya faɗi, aka kwantar da shi da shanyewar ɓarin jiki. Da ɗansa ya kira kamfanin inshorar, sai suka nemi rahoton likita, suka ga hawan jinin tsoho ne, suka nuna masa layin da ya ce ba sa biyan ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Yuro 30,000 na nan a rubuce, amma ko sisi ba su bayar ba. 'Yan'uwa ne suka yi karo-karo. Ni ma ina da laifi, don ban tambaye shi lafiyarsa ba; tun daga ranar ba na tsallake wannan tambayar.

Layin yana ƙarƙashin kan maganar `Exclusions`, da sunan `pre-existing conditions`. Mai ciwon suga, asma ko sikila ya fara dubawa nan. A wurin ne kuma za ka ga batun juna biyu da haihuwa, da iyakar shekaru ga dattawa.

Sai hanyar biya. A wasu inshorori masu arha, kai za ka biya asibiti tukuna, ka dawo da rasit kana neman a mayar maka, kuma in ba ka kira lambar gaggawarsu cikin lokacin da suka yanka ba, suna iya ƙi.

Don Allah, in kana shan wani magani kullum, faɗa wa kamfanin kafin ka biya, kuma ka nemi su rubuta maka ko za su ɗauki jinyarka in ciwon ya tashi a can.