Daga Zanen Gida Zuwa Hoton Ɗaki: Yadda Ake Kiyaye Ma'auni

Zanen gida yana nuna gini ne kamar an yanke shi a kwance, an ɗauke rufin, ana leƙo shi daga sama. Layuka ne kawai da lambobi, shi ya sa mai zane yakan mayar da shi hoto mai launi a kwamfuta, ya sa gado da kujeru da daɓe, domin mai gida ya fahimta. To, amma idan ma'auni ya kauce, hoton zai yaudari mai gida, ya sayo kayan da ɗakin ba zai ɗauka ba.

Matakin farko shi ne daidaita ma'auni. A ɗauki misalin ɗakin kwana mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, awon ciki. Bayan an shigar da zanen cikin kwamfuta, sai a auna tsawon ɗakin da ɗigogin da ke haɗa hoto. Idan ya kai ɗigo 800, to kowace mita ɗigo 200 ke nan, kuma wajibi ne faɗin ya zama ɗigo 600. In aka samu 650, an ja hoton ta gefe guda, sai a gyara kafin a ci gaba. A kuma kula kada a auna daga wajen bango, domin bulo mai inci 9 yana da kaurin kusan santimita 23; bango biyu za su ƙara santimita 46.

Da wannan ma'auni ake zana kaya. Gado mai mita 2 da mita 1.5 zai zama ɗigo 400 da 300. Idan aka jingina tsawonsa da dogon bangon, sararin mita 1.5 ne zai rage. Kuskuren sabon shiga shi ne ƙanƙanta gado don ɗaki ya yi kamar yana da yalwa.

Daɓe shi ne ke tona asirin hoto. Tayil mai santimita 40 zai zama ɗigo 80, don haka guda 10 za su jeru a tsawon ɗakin, bakwai da rabi a faɗinsa. Mai dubawa yana iya ƙirgawa: in ya ga biyar kacal, an kumbura tayil ɗin, ɗakin kuma zai yi kama da makewayi. Haka nan tayil na gaske ba ya zama launi ɗaya sak, saboda haka akan ɗan bambanta haskensu, a bar siririn layi tsakaninsu. Inuwar kaya kuwa dole ta faɗi ɓangare guda, in ba haka ba sai su yi kamar suna shawagi.

A manhaja irin ta Blender, akan sa kyamara a kan Orthographic, ba Perspective ba, domin na biyun yana girmama abin da ke kusa da kyamara, har saman kabad ya rufe daɓen da ke bayansa.

Aikin gwaji: falo mai mita 5 da mita 4, tayil mai santimita 50. Guda nawa za su jeru a kowane gefe, kuma ɗigo nawa kowane zai ci bisa ma'aunin da ke sama?