Yadda Malami Zai Nuna Darasi Daga Laftof a Talabijin Ɗin Aji

Malamin da ke koyarwa a Riko ko wani gari na ƙaramar hukumar Jibiya yana iya samun laftof iri biyu a hannunsa. Akwai mai magana da Turanci, wadda aka sayo daga Katsina ko Kano, akwai kuma mai Faransanci da ta ƙetaro daga Maraɗi. Hanyar jona su da talabijin ɗaya ce, rubutun da ke fitowa a fuskarsu ne kawai ya bambanta.

Kafin a sayi kowace waya, a fara duba gefen laftof ɗin. Idan tana da ramin HDMI, waya ɗaya ta isa, domin ita ke ɗaukar hoto da sauti tare. A jona ta a bayan talabijin, a lura da lambar ramin da aka saka, HDMI 1 ne ko HDMI 2. Sai a danna Source ko Input a rimot, a zaɓi wannan lambar. Sau da yawa idan talabijin ya rubuta No Signal, ba abin da ya lalace: waya tana rami na biyu, shi kuma yana jira a na farko.

Idan lamba ta yi daidai amma har yanzu ba hoto, a danne madannin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito, na biyu shi ake so. Sunansa Duplicate, a Faransanci kuma Dupliquer, wato duk abin da malami ke gani shi ɗalibai za su gani. Na uku, Extend ko Étendre, shi ne ya fi rikita mutane. Yana mayar da talabijin ƙarin fili ne a gefen laftof, sai ɗalibai su ga hoton bango kawai alhali darasi na buɗe a gaban malami. Duk wanda ya ga wannan alama kada ya zargi waya.

Tsofaffin laftof ne ke jawo asarar kuɗi. A ce malama tana da wadda ba ta da HDMI, sai ramin VGA mai ƙananan huji 15, talabijin ɗin makaranta kuma HDMI kaɗai gare shi. Ta aika kasuwa, aka kawo mata na'urar haɗi da aka rubuta HDMI to VGA a kwalinta. An jona, ba abin da ya fito, kuma ba zai taɓa fitowa ba, saboda na'urar gefe ɗaya take aiki. Wadda take bukata ita ce VGA to HDMI. Ana gane ta da ƙarin wayoyi biyu: ɗaya ta USB da ke ba ta wuta, ɗaya kuma da ake sawa a ramin abin sauraro na kunne, domin VGA ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. A karanta kwali da kyau, sunan farko na laftof ne, na biyu na talabijin.

Wani lokaci hoto ya fito amma murya na fita ta ƙaramar sifikar laftof. A danne Windows da R, a rubuta wannan:

```
mmsys.cpl
```

A jerin da zai buɗe, a zaɓi sunan talabijin, a danna Set Default, ko Par défaut a mai Faransanci. A madannan Faransanci harafin M yana gefen L ne, ɗigo kuma sai an haɗa da Shift.

Saura abin da waya ba ta gyarawa, wato girman rubutu. Tsayin fuskar talabijin mai inci 43 bai wuce santimita 54 ba, na inci 32 kuwa kusan 40 ne. Ƙa'idar da masu haɗa irin waɗannan na'urori ke bi ita ce, mai karanta rubutu kada nisansa ya wuce ninki shida na tsayin fuskar. Ga inci 43 wannan mita 3 ne da ɗoriya, bencina uku ko huɗu na gaba ke nan. Yaran da ke baya suna ganin haske ne kawai, kuma da wuya su yi ƙorafi.

Don haka shafin littafi da aka ɗauka hoto da waya bai dace da talabijin ba. Gara a sake rubuta shi a PowerPoint da girman rubutu 40 ko fiye, layi biyar zuwa shida a kowane shafi, baƙi a kan fari. Idan shafin intanet ne, Ctrl da + suna ƙara girma. Kafin ɗalibai su shigo, malami ya je benci na ƙarshe ya zauna ya karanta da kansa. Idan sai ya matse ido, a ƙara girma, a kuma rufe tagar da haskenta ke dukan fuskar talabijin.