Garantin talabijin da haɗawa kyauta: me takardar shago take nufi?

Wani bawan Allah daga Kurfi ya aiko da tambaya. Ya sayi talabijin mai inci 43 a wani shago a Dutsin-Ma, inda aka manna sanarwa cewa akwai garantin shekara ɗaya, kuma yaron shago zai bi mai saye gida ya haɗa masa kyauta. Yamma ta yi, bai jira yaron ba. Ya kwantar da kwalin a bayan babur, ya tamke da roba. Da ya kunna a gida, sai ga baƙin tabo a gefen gilashin kamar tawada ta zube, ga layuka masu launi sun fito daga wurin. Mai shago ya ce wannan ba ta cikin garanti. Shin an cuce shi?

Malam, sai dai haƙuri, da wuya ka ci wannan shari'a. Garanti alkawari ne a kan aibin da kaya ya taho da shi daga kamfani. Misali, murya na fita amma hoto ya ɗauke saboda fitilun da ke bayan gilashi sun mutu, ko wani siririn layi miƙaƙƙe ya bayyana ba tare da an buge ta ba. Tabon da ka kwatanta kuwa alamar fashewa ce daga ciki. Gilashin talabijin na zamani siriri ne ƙwarai, yana iya tsagewa ta ciki alhali in ka shafa ta waje sumul yake. Shi ya sa ake tafiya da kwalin a tsaye. In aka kwantar da shi aka ɗaure tamau, kowane rami a hanya tsakiyar gilashin yake dannawa. Kuma sauya gilashi kan lashe kusan kuɗin sabuwa.

A nan ne amfanin haɗawa kyauta yake, ba a ƙwadagon ɗaura ƙusa a bango ba. Yaron shago shaida ne. In shi ya buɗe kwali, ya kunna, tabo ya fito a gabansa, magana ta koma kan shago. In kai ka buɗe kai kaɗai, ba mai iya tantance ko a hannun wa ta fashe. Wanda ba zai iya jira ba, ya sa a buɗe a kunna a cikin shagon tun kafin ya biya. A sa hoto fari fat, sannan baƙi wuluk, a duba kusurwa huɗu da kyau, a ɗauki bidiyo da waya.

Sai rasit. A bayan talabijin akwai ƴar takarda mai lambar da ba a maimaita wa wata, yawanci bayan harufan `S/N`. A tabbata lambar nan ta yi daidai da ta jikin kwali, kuma an rubuta ta a rasit da katin garanti, tare da kwanan wata da hatimin shago. Rasit ɗin da aka rubuta wa "talabijin guda ɗaya" kawai, ba ya nuna wacce aka saya. A kuma tambaya: garantin na kamfani ne ko na shago? In na kamfani ne, ina ake kai gyara, Katsina ko Kano, kuma wa zai biya kuɗin mota? Galibi gyara ake yi, ba musanya ba. A ji kuma ko "kyauta" ta haɗa da ƙarfen maƙalawa a bango, da waya, da kuɗin man zuwa Kurfi, don sau da yawa aikin hannu kaɗai ake nufi.

Abin da ya fi cinye garanti bayan fashewa shi ne wuta. Yawancin talabijin an rubuta musu `100-240V`, to in KEDCO ta dawo da wuta da ƙarfi fiye da haka, ko janareta ya yi hauka, ko tsawa ta bi wayar dish da damina, allon wutar ciki ne ke ƙonewa, kuma mai gyara na ganin baƙin ƙuna zai gane. Takardun garanti kan cire wannan. A saka ƴar na'urar kariya a soket, mai jinkirta wuta bayan ta dawo, a kuma zare filogi da wayar dish in hadari ya taso. In talabijin ta lalace, kada a fara kai wa mai gyaran unguwa. Yana kwance bayanta, garanti ya tashi.

In kuwa aibin na kamfani ne, ga rasit ga lamba, amma shago ya ƙi saurara, a fara da shugaban ƴan kasuwar wurin. In bai yiwu ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Kai kuwa malam, koma wa mai shagon da lalama, ka nemi ya tambayo maka kuɗin sabon gilashi, ka auna da kuɗin sabuwar talabijin kafin ka biya ko sisi.