Shawara ga masu neman taimako kan matsalar na'ura a Yankara

Masu POS da masu shagunan kwamfuta a Yankara da sauran garuruwan Faskari, Kankara da Sabuwa sukan tura saƙon kuskure, wato bayanin da na'ura ke fitarwa idan aiki ya gagara, zuwa ga mai gyara ta WhatsApp ba tare da ko kalma ɗaya ta tambaya ba, lamarin da ke tilasta masa yin hasashe.

Misali, idan POS ta nuna `91`, wanda ke nufin ba a samu bankin da ya bayar da katin ba, mai gyara ba zai iya tantance inda matsalar take ba, sai an gaya masa ko katin banki ɗaya ne ya ƙi ko kuwa duk katunan ne, da lokacin da abin ya fara, da kuma ko an cire wa abokin ciniki kuɗi.

Saboda haka ya kamata mai turawa ya rubuta abin da yake yi, da abin da ya riga ya gwada, sannan ya faɗi buƙatarsa a fili, bayan ya rufe lambar kati da ta asusu.