Kafin ka mayar da jan bango fari

Ɗana, tunda ka fara zama a shagon hoto, za a riƙa kawo maka hoton fasfo mai jan baya a ce ka mayar da shi fari. Kada ka yi saurin kai hannu kwamfuta. Fara tambayar mai shi inda zai kai hoton, domin kowace hukuma da ƙa'idarta.

A ce bizar Amurka yake nema. Ana son faɗin hoton da tsayinsa duk inci 2, wato milimita 51, baya fari ko mai kusa da fari, kuma hoton da bai wuce wata 6 da ɗauka ba. Daga haɓa zuwa tsakar ka a samu milimita 25 zuwa 35. Wanda za a ɗora a intanet kada ya gaza 600x600 ko ya haura 1200x1200, ya zama JPEG, nauyinsa kada ya wuce 240 KB. Tun 2016 ba sa karɓar hoto da tabarau. Sun kuma hana a sauya hoto da kwamfuta. Don haka gaya masa gaskiya: ya tsaya a ɗauki sabo.

Tsayar da shi kamar taku biyu daga farin bango, haske na dukan fuskarsa ta gaba, don kada inuwarsa ta faɗi a baya. In mace ce da farin hijabi, roƙe ta ta sa mai duhu, in ba haka ba kanta zai saje da bango. Fuska kuma ta fito duka, daga goshi zuwa haɓa.

Inda aka yarda da sauyi, kamar fom ɗin wasu makarantu, yi aikin da natsuwa. Bayan ka cire jan, ƙara girman hoton a allo ka dubi gefen kunne da bakin hula da kafaɗa. Nan ne siririn jan layi ke maƙalewa. Dubi kumatu da wuya ma, domin jan ƙyalle yakan mayar da haskensa kan fata, share bango ba ya cire wannan. Idan ka ga gefen kai ya yi kaifi kamar an yanke da almakashi, ma'aikaci ma zai gani.

Wajen girma, yanke hoto ake yi, ba a ja shi. In aka ja mai milimita 35 da 45 don ya cika murabba'i, fuska za ta baje, mai shi ya daina kama da kansa. Hoton wayar da aka turo ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, ka ce a turo shi a matsayin fayil.

Idan ka buga, sa rula ka auna kafin ka karɓi kuɗin mutum. Allah ya yi wa sana'arka albarka.