Yadda ake haɗa wutar NEPA da ta janareta su riƙa karɓar juna da kansu

Mai shagon magani a Rano, ko mai sayar da ruwan sanyi a Kibiya, abin da yake so shi ne kada firji ya huce. In KEDCO ta ɗauke wuta janareta ya karɓa, in ta dawo kaya su koma kanta ba sai an taɓa komai ba. Kontakta biyu ne ke wannan aiki. Sai dai ba su ke tayar da janareta ba. Mai igiya sai an ja shi, su juya layi kawai suka sani.

Mu ɗauki shago mai layi ɗaya da janareta 5 kVA. In aka raba 5000 da bolt 230, za a sami amfiya 22 ko kusa da haka. Sai a sayi kontakta biyu masu amfiya 40, domin firji na jan wuta da yawa lokacin tashi, kuma zafin Afirilu na rage musu ƙarfi. Su zama na kamfani ɗaya, girma ɗaya, koyil ɗinsu na bolt 230. Ta NEPA ita ce KM1, ta janareta KM2.

Tun kafin a taɓa waya, a fara ɗaura sakatar da ke shiga tsakaninsu. Ɗan ƙaramin abu ne mai harshe a ciki: in ɗaya ta shige, harshen ya tokare ɗayar, ko an danna ta ba za ta shiga ba. Wasu masu gyara kan bar ta don a rage kuɗi, su ce ai sun kulle ta waya. Ni ban yarda da wannan ragi ba ko kaɗan. Kullin waya yana hana wuta isa koyil ne kawai. Ba ya hana yaro danna kontakta da sukudireba, ba ya gyara wayar da aka sa a gurbin da ba nata ba, kuma in bakin kontakta ya narke ya manne, ba kullum yake ganewa ba. Ranar da duka biyun suka rufe tare, in akwai NEPA janareta ko inbata na iya ƙonewa nan take. In babu, wutar janareta ta bi layi ta koma taransifoma, shi kuma ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, alhali ma'aikacin da ke bisa turke ya tabbata layin a mace yake.

Daga nan sai manyan wayoyi, bayan an kashe komai an auna da mita. Wutar NEPA ta biyo ta bireka zuwa saman KM1, ta janareta ta biyo ta nata bireka zuwa saman KM2. A ƙasa a haɗe su su tafi allon rabon wuta. A yanke nitiral tare da waya mai wuta, kowace da bakinta. Wayar ƙasa ce kaɗai ba a yankewa.

Ƙananan wayoyin su ne masu ba da umarni. Koyil ɗin KM1 yana ci daga NEPA, amma sai wutar ta ratsa bakin KM2 mai lamba 21 da 22, wanda yake a rufe muddin KM2 na hutawa, kafin ta isa A1. Haka KM2 ke ci daga janareta ta bakin KM1. Sai a sa taima mai baki biyu da ba su haɗu ba, a ciyar da ita daga NEPA. In wuta ta dawo ta zauna kamar minti biyu, baki ɗaya ya saki KM2, ɗayan ya kira KM1. A gaban taimar a sa na'urar lura da ƙarfin wuta, a saita ta daga 180 zuwa 250. Garuruwan da ke nesa a kan layi sun san raunanniyar wuta, wadda ke sa kontakta kakkarwa har bakinta ya ƙone.

Mai amfani da inbata a madadin janareta ya kula da abu ɗaya: wayar cajinta ta fito daga saman KM1, ba daga ƙasa ba, don kada ta riƙa ciyar da kanta.

Gwaji na farko ba da wuta ake yi ba. A danna KM1 a riƙe, a gwada danna KM2. Dole ta ƙi. A juya a sake. In duka suka shige, sakata ba ta zauna ba, a kwance a sake ɗaurawa. Sannan a kunna janareta shi kaɗai, a ɗaga birekar NEPA, a ji KM2 ta saki kafin KM1 ta kama.

Bayan an fara aiki, kunne da hanci su ne masu gadi. Kontakta mai gurnani ƙurar hunturu ce ta shiga fuskar maganaɗisunta, a kashe wuta a hure ta, a kuma toshe kafofin akwatin. Warin roba ko baƙi a bakin waya, sukuru ne ya saki. In kuwa NEPA ta ɗauke amma KM1 ta ƙi fitowa, bakinta ya manne, sakata ce ke riƙe da KM2. Kada a cire sakatar don a sami wuta. A sauke bireka biyun, a canja kontakta.